Mayar da fuskar waya baƙa: a wace irin waya batir ke cin riba?

Tun 2019, da Android 10 da iOS 13 suka fito, mai waya na iya mayar da fuskarta baƙa, rubutu ya koma fari. Tsarin ne ake gani da suna Dark mode ko Dark theme a ƙarƙashin Display. An yi ta cewa yana sa caji ya daɗe. Gaskiyar maganar ta dogara da irin sikirin da wayarka ke ɗauke da shi.

Sikirin LCD yana da fitila a bayansa, wadda ke kunne muddin fuskar na kunne. Idan za a nuna baƙi, tare hasken kawai ake yi daga gaba, kamar a saki labule alhali ƙwan ɗaki na ci. Don haka fari da baƙi kusan wuta ɗaya suke sha. Galibin wayoyi masu sauƙin kuɗi na itel, Tecno da Infinix wannan sikirin gare su, haka ma iPhone XR da iPhone 11.

Shi kuwa OLED, wanda Samsung ke kira AMOLED, ba shi da fitilar baya. Kowane ɗigo da kansa yake ba da haske, kuma wanda zai nuna baƙi ƙirin mutuwa yake yi, ba ya jan wuta. A nan ne ribar take.

Sai dai ita ma tana bin ƙarfin haske. A 2021 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka sun gwada wayoyin OLED. Da haske tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, yadda aka saba a cikin ɗaki, wutar da aka rage ba ta wuce kashi 3 zuwa 9 ba. Da aka ƙure hasken, sai ta kai kashi 39 zuwa 47. Ke nan wayar da ke yin awa 10 a ɗaki, ƙarin da za ta samu da ƙyar ya kai awa ɗaya. Wanda ke wuni a rana da haske a ƙure, shi ne zai ga bambanci sosai. Hotuna da bidiyo kuma ba sa sauya launi, saboda haka mai yawan kallo ribarsa kaɗan ce.

Don gane irin naka sikirin, shiga ɗaki mai duhu, ka buɗe hoto baƙi ƙirin ya cika fuskar, ka ƙure haske. In ka ga toka-toka na ƙyalli, LCD ne. In fuskar ta yi kamar an kashe wayar, OLED ne.

Mai LCD ya kula: baƙar fuska na da wuyar karantawa a rana, tana iya sa shi ƙara haske, cajin ya fi saurin ƙarewa. Abin da zai taimake shi shi ne rage haske da gajarta lokacin da fuskar ke ɗauka kafin ta mutu da kanta.