Yadda sikelin zamani ke jin nauyin buhu

Duk wanda ya taɓa buɗe cikin sikelin lantarki, irin wanda ake ɗora wa buhun masara, zai tarar da wani guntun ƙarfe da wayoyi huɗu suka fito daga jikinsa. A jikin ƙarfen an manna rizistoci huɗu masu jin lanƙwasa, galibi om 350 kowanne, an haɗa su a tsarin da ake kira gadar Witston. Wayoyi biyu na kai wuta, biyu na dawo da saƙo. Idan kaya ya danne ƙarfen, rizistoci biyu su miƙe, biyu su takure, sai ɗan bambanci ya bayyana tsakanin wayoyin saƙon.

Bambancin kuwa ɗan mitsitsi ne. A ce sikelin na kilo 100 ne, kuma ƙarfen na bayar da milibolt 2 kan kowane bolt. In an ba shi bolt 5, cikakken buhu milibolt 10 kacal zai haifar. Ga kuma wata matsala: wayoyin biyu duk suna zaune a kan bolt 2.5, wanda ya ninka saƙon sau 250. Aikin mai zane shi ne ya kumbura milibolt 10 ɗin ya kai kusan bolt 2, ya yi watsi da abin da wayoyin suka yi tarayya a kai.

Ana yin wannan da ƙananan amfilifaya uku, waɗanda masu gyaran rediyo ke kira ofam. Biyu na tsaye a gaba, kowace waya ta shiga ƙafar + ta ofam ɗinta. Ƙafar nan kusan ba ta jan wuta, don haka gadar ba ta san an taɓa ta ba. Kowannensu yana da rizista `R` daga mafitarsa zuwa ƙafarsa ta −, sannan rizista ɗaya, `Rg`, ya haɗa ƙafafun − ɗin biyu.

```
G = 1 + 2R/Rg
```

Mu ɗauki `R` om 10,000, `Rg` kuma om 100. Ɗabi'ar ofam ce ya daidaita ƙafafunsa biyu, saboda haka milibolt 10 ɗin nan zai faɗa kan `Rg` gaba ɗaya, ya tura miliam 0.1. Wutar ba ta da hanya sai ta cikin `R` biyun, kowanne ya ɗauki bolt 1. Mafita ɗaya ta hau kusan bolt 3.5, ɗaya ta sauka kusan 1.5. An ninka saƙo sau 201, amma bolt 2.5 na tarayya yana nan yadda yake, domin idan ƙafafun biyu suka tashi tare, babu abin da ke ratsa `Rg`. Shi ya sa nake ganin a nan gaba ya kamata a zuba ninkin duka.

Ofam na uku ɗebewa kawai yake yi, da rizistoci huɗu masu om 10,000, ya fitar da bolt 2.01. A nan ne akasari ake tafka asara. Rizistan kasuwa mai kuskuren kashi 1 cikin 100, idan aka yi rashin sa'a huɗun suka karkata ta mummunan ɓangare, zai bar kashi ɗaya cikin 50 na wutar tarayya ya tsallake. Wato milibolt 50, daidai da kilo biyu da rabi na hatsin da babu shi. Da masu kashi 0.1, abin ya koma gram 250. Gaskiya ne ana iya share wannan da maɓallin sifili, sai dai da zarar batir ya ja baya, ko doguwar waya ta kwaso gurnanin wutar gida, lambar za ta fara rawa.

Gwajin ba wuya. Ku cire gadar, ku haɗe mashigan biyu wuri ɗaya, ku ba su bolt 2, sannan bolt 3. Mafita bai kamata ta motsa ba. In ta motsa, ku sauya wanda ke sauka ƙasa da wanda ya ɗan gaza shi, ku sa ƙaramin rizista mai murɗawa a jere da shi, ku murɗa har ta tsaya cik.

Sai zaɓin ofam ɗin kansa. LM324 yana da araha, ko'ina akwai shi, amma kuskurensa na haihuwa yakan kai milibolt 2, wani lokaci har 7. Milibolt 2 a sikelinmu kilo 20 ne, kuma yana sauyawa da zafin rana. Ƙari a kan haka, a bolt 5 mafitarsa ba ta wuce kusan 3.5, daidai inda lissafinmu ya kai, don haka buhu mai nauyi zai sa ta toshe. OP07 ya fi dacewa nesa ba kusa ba, kuskurensa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milibolt ba, amma yana son wuta biyu, ta + da ta −.

Ɗalibi ya haɗa ukun da hannunsa don ya gane. Wanda kuwa zai yi sikelin ciniki, ya sayi AD620 ko INA128, waɗanda aka daidaita rizistocinsu tun daga masana'anta, `Rg` kaɗai zai zaɓa.