Yadda Ake Mayar Da Bidiyon Kwance Na Tsaye Ba Tare Da Doki Ya Ɓace Ba

Duk wanda ya ɗauki hawan sallah da kyamara ya san cewa a kwance ake ɗaukarsa, domin a nan ne jerin dawakai da 'yan kallo da ƙurar sukuwa suke samun wuri. Amma yawancin waɗanda za su kalla a waya suke, kuma a tsaye suke riƙe ta, ko a TikTok, ko a sitatus ɗin WhatsApp. Sai mai tace bidiyo ya yanke tsakiyar hoton ya tura, mai kallo kuma ya ga doki ya shigo ya fice cikin ƙiftawar ido, a bar shi da bango da kawunan mutane. Aikin ya fi ƙarfin yanka kawai. Mai tacewa zai sake ɗaukar wasan ne daga cikin hoton da aka riga aka ɗauka, ya zama mai kyamara na biyu.

A fara da sanin abin da ake asara. Bidiyon kwance da aka saba yana da faɗin fiksel 1920 da tsayin 1080, wato ɗigogin da suka haɗu suka ba da hoto, shi ne ake kira 16:9. Na tsaye kuwa 9:16 ne, faɗi 1080, tsayi 1920. Idan aka bar tsayin hoton kwance yadda yake, faɗin da zai dace da siffar tsaye fiksel 608 ne kacal. Ma'ana, abin da zai rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. A ɗauke shi kamar wata siririyar taga da ake turawa dama da hagu a gaban faffaɗan hoto: abin da ke cikinta kaɗai mai kallo zai gani. Kuma don wannan yanki ya cika allon waya, sai an ƙara girmansa zuwa kusan kashi 178 cikin 100, shi ya sa hoton yake ɗan dushewa. Wanda ya ɗauka da 4K, wato 3840 da 2160, ya tsira daga wannan, domin tagarsa tana da faɗin 1215, ta fi abin da ake buƙata.

Mu ɗauki misali guda. A ce an kafa kyamara a kan ƙafafunta a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe a Kano, wani mahayi ya sako dokinsa daga hagu zuwa dama, ya ƙetare hoton cikin daƙiƙa 4. A farko yana wajen fiksel na 300 daga gefen hagu, a ƙarshe ya kai na 1600.

Abin da za a fara yanke hukunci a kai shi ne wa za a bi. Idan dokin ya ba da gefe, daga hanci zuwa wutsiya ya ci fiksel 800, ba zai shiga tagar 608 ba ko da me aka yi. Sai a zaɓi mahayin da kan dokin, a bar gindi da wutsiya su fita. Idon mai kallo fuska yake nema, da rawani, da hannun da ke riƙe da linzami. Daga nan kada a ɗora mahayin a tsakiya daidai. A sa shi kusa da gefen da ya fito, kamar fiksel 200 daga bakin hagu na tagar, domin kan dokin da filin da yake nufa su samu wuri. Dokin da hancinsa ke dungurar bakin allo yana sa mai kallo jin a takure, ko da bai san dalili ba.

Tura tagar ana yin sa ne da abin da manhajojin tacewa irin su CapCut da Premiere Pro suke kira Keyframe. Alama ce da ke gaya wa manhaja cewa a wannan lokaci hoto yana nan. Idan aka sa biyu, manhajar ce za ta cike tafiyar da ke tsakaninsu. Bayan an zaɓi 9:16 an ƙara girman hoton har ya cika allo, sai a koma farkon sukuwar, a ja hoton har mahayi ya zauna inda ake so, a sa alama a kan Position. Sai a tafi ƙarshe, a sake ja, a sa ta biyu. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, a cikin manhaja hoton ne ke motsi, tagar tana tsaye. Idan doki ya nufi dama, hagu ake jan hoton.

A lissafinmu, bakin tagar zai fara daga fiksel na 100, ya kamata kuma ya ƙare a na 1400. To amma iyakar inda zai iya kaiwa 1312 ne, wato 1920 a cire 608. Idan aka wuce nan, baƙin layi zai leƙo daga gefen dama, alamar hoto ya ƙare. Maganin shi ne a tsayar da tagar kafin ta kai iyaka, a bar dokin ya ƙarasa da kansa. A sa Ease In da Ease Out a kan alamomin, domin tafiyar ta tashi a hankali ta kuma sauka a hankali, kamar yadda hannun mai kyamara yake yi.

Sai a kalla daga farko. Doki ba ya gudu da sauri iri ɗaya, musamman wajen jafi inda mahayi ke jan linzami ya tsaya cak a gaban sarki. Inda aka ga mahayin ya zame daga wurinsa sosai, a ƙara alama guda a nan. Kuskuren da aka fi yi shi ne cika alamomi, ana gyara kowane ɗan motsi. Ana gane shi idan aka daina kallon doki aka kalli bango: za a ga yana fizga, ya tsaya, ya sake fizga. Gara mahayi ya ɗan yi gaba da baya a cikin tagar da a ce bango yana rawa. A kuma tuna cewa maɓallai suna rufe gefen dama na allo a TikTok, rubutu kuma yana rufe ƙasa, don haka kada fuskar mahayi ta faɗa can.

Akwai abin da tacewa ba ta gyarawa. Kyamarar da ke tsaye tana ɗaukar doki mai gudu da ɗan hazo, bango kuma tar. Da zarar an bi dokin, sai ya zauna wuri guda a allo da hazonsa, ido ya kama shi nan take. Wannan tun wajen ɗauka ake rage shi, ta hanyar ƙara saurin shata, misali daga 1/50 zuwa 1/200. Haka kuma rawar hannu tana ƙaruwa daidai da girman da aka ƙara wa hoto. Idan kuwa mahaya huɗu ne suka taho a jere, faɗinsu shi ne kyan abin, yanka zai kashe shi. A nan gara a bar hoton a kwance a tsakiyar allo, a cike sama da ƙasa da dusasshen kwafinsa.

Saboda haka wanda ya san za a nemi na tsaye, ya shirya tun a fili: ya ɗauka da 4K idan kyamararsa tana yi, ya ja baya kaɗan don doki ya ƙanƙance a hoto, ya kuma tsaya inda dawakai za su taho suna fuskantarsa. Dokin da ke tahowa gaba-gadi dogo ne siriri, yana shiga hoton tsaye ba tare da an yanke masa komai ba.