A ko B? Musun da ya hana ɗan Rano da ɗan Kibiya barci

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau labarin wasu abokai biyu zan ba ku, ɗaya ɗan Rano, ɗaya ɗan Kibiya, duka suna karatun NCE a wata kwalejin ilimi a Kano. Ba zan kama suna ba. Sun dawo gida hutu, jarabawa na jiransu a darasin nazarin halayyar ɗalibi da yadda yake koyo. Sai suka samo fotokwafin tsofaffin tambayoyi irin na zaɓi, A, B, C, D, amma shafin amsoshi ba ya ciki. Suka zauna a Rano suka amsa guda 40, kowa a takardarsa. A tambaya ɗaya tak suka saɓa, a babin motibeshan, wato ƙaimi, abin da ke zaburar da mutum ya yi abu. Na Rano ya zaɓi A, na Kibiya ya zaɓi B. Magariba ta kawo jiki, na Kibiya ya hau babur ya tafi, fotokwafin kuma ya bi jakar wani abokinsu na uku.

To fa. Daga nan aka koma musu ta waya, saƙon murya kan saƙon murya, kwana biyu cur, babu mai takardar a hannu.

Kafin na shiga musun, bari na share fage. Masana sun kasa ƙaimi gida biyu. Akwai na ciki, wanda za ku ji malamai na cewa intirinsik, da na waje, estirinsik. A tambayar, A shi ne na ciki, B na waje, C ilhamin halitta, D tsoron horo. C da D ba su dami kowa ba, su biyun sun watsar da su tun farko.

Na Rano ya ce, “Mutumina, ka tuna fa. Yarinyar nan da asuba take tashi ta yi karatu, kuma an faɗa ƙarara babu wanda ya tilasta mata. Ba uba, ba malami, ba bulala. Daga zuciyarta abin ya fito. In wannan ba na ciki ba ne, to wanne ne na ciki?”

Na Kibiya ya ce, “Haba malam, ai kuɗi aka ambata. Kyauta aka yi mata alkawari, ko tallafin karatu ne, wani abu dai mai kama da haka. Duk inda ka ga kuɗi, rufe ido ka danna B.”

Na Rano ya rantse babu kuɗi a tambayar. Na Kibiya ya ce shi da idonsa ya gani.

A rana ta uku aka karɓo takardar, suka haɗu a teburin mai shayi a Rano, aka shimfiɗa ta. Da Turanci take, amma ga abin da ta ce da Hausa: “Wata ɗaliba tana tashi da asuba ta karanta Bayoloji ba tare da kowa ya tilasta mata ba. Darasin ba ya yi mata daɗi, amma tana yi don ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Wane irin ƙaimi ne ke tafiyar da ita?”

Na Kibiya ya bi layin da yatsa har sau biyu yana neman kuɗinsa. Babu kuɗi, babu kyauta, babu tallafi. Na Rano ya fara dariya, sai dariyar ta tsaya masa a wuya da ya kai jimla ta biyu. “Darasin ba ya yi mata daɗi.” Wannan ya tsallake ta gaba ɗaya. Idonsa ya kama “ba tare da kowa ya tilasta mata ba”, ya yanke hukunci tun kafin ya kai ƙarshe.

Amsar B ce. Na Kibiya ya ci maki, amma da hujjar da ba ta cikin takarda. Kuma a ganina shi ne ya fi zama cikin haɗari, don dokarsa ta “in ka ga kuɗi danna B” za ta kayar da shi ranar da aka kawo tambaya irin wannan kuma ƙwaƙwalwarsa ba ta ƙago masa kuɗin ba.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan jima, don nan ne mutane da yawa ke zamewa. Kalmar “ciki” ita ke yaudara. Muna jin ta sai mu ɗauka ana nufin cikin mutum, wato duk abin da ka yi da son ranka. A wajen masana wannan fanni, irin su Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester a Amurka, waɗanda suka fitar da babban littafinsu kan batun a 1985, ma'anar ta fi haka ƙunci. Ƙaimin ciki shi ne ka yi abu saboda daɗin da ke cikin aikin kansa. Ladan yana cikin yin. Ƙaimin waje kuwa shi ne ka yi abu don ka kai ga wani sakamako da za a iya raba shi da aikin. Sakamakon na iya zama kuɗi, na iya zama maki, yabo, gurbin karatu, ko kuɓuta daga faɗan baba.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in aka cire sakamakon, za ta ci gaba? A ce wa yarinyar nan gobe, an ba ki gurbin jinya, kuma ba za a sake tambayarki Bayoloji ba har abada. Za ta tashi da asuba ta buɗe littafin? Tambayar da kanta ta ba mu amsa, tunda ta ce darasin ba ya mata daɗi. Karatun hanya ce, gurbin shi ne inda za ta. Ku kwatanta da yaron da ke kwance tsohuwar rediyo ya sake ɗaura ta, ba mai biyansa, ba mai kallonsa, har a kira shi cin tuwo ya ce yana zuwa. Wannan babu abin da za ka cire masa, don babu abin da yake jira.

Amma kada a yi wa na Rano dariya da yawa, abin da ya hango gaskiya ne, suna kawai ya ba shi ba daidai ba. Deci da Ryan sun nuna cewa ƙaimin waje hawa-hawa ne. A ƙasa akwai wanda ke karatu don tsoron bulala ko kwaɗayin kyauta. Sama da shi akwai wanda ke yi don kunya, kada a ce ɗan gidan wane ya faɗi. Sama kuma akwai wanda ya zauna ya auna, ya ga abin zai amfane shi, ya rungume shi da kansa. Nan yarinyarmu take. Zaɓinta ne, ba mai tura ta, kuma irin wannan ƙaimin yana da ƙarko sosai. Duk da haka yana gidan B, tunda abin da take nema yana gaba da karatun. Wanda ya tsara tambayar ya san haka, shi ya sa ya ajiye “ba wanda ya tilasta mata” a farko a matsayin tarko, ya ajiye mabuɗin a bayan “amma” da “don”.

Ku gwada sauya jimla ɗaya ku gani. Da an ce, “Darasin yana mata daɗi, har takan karanta babin da ba ya cikin jarabawa”, amsa ta koma A nan take, alhali yarinya ɗaya ce, asuba ɗaya ce. Da kuma an ce “don kada mahaifinta ya hukunta ta”, sai D ta shigo takara, ka tsaya ka auna wadda ta fi dacewa tsakaninta da B.

Wani zai ce, to duk wannan a kan maki ɗaya? Na farko, irin waɗannan tambayoyin na zaɓi ne hukumar TRCN ke yi a kwamfuta ga mai neman rajistar koyarwa, kuma can babu abokin musu, babu kwana uku. Na biyu, waɗannan samarin gobe aji za a ba su, kuma bambancin yana da aiki a aji.

Ga misali. A 1973, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett sun yi gwaji a wata makarantar renon yara da ke Jami'ar Stanford. Suka zaɓi yaran da dama can suna son zane da alƙaluma masu launi, suka kasa su uku. Kashi na farko aka ce musu, in kun yi zane za a ba ku takardar yabo mai ado. Kashi na biyu suka yi zane, aka ba su takardar ba zato. Kashi na uku ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake ajiye alƙaluman a aji, ba alkawari, aka leƙa a ga wa zai ɗauka. Yaran da aka yi wa alkawari sun yi kusan rabin lokacin zanen da sauran suka yi. Abin da suke yi don daɗi ya koma musu aikin lada, da ladan ya ɗauke sai hannu ya yi sanyi.

Sai dai a kula da iyakar wannan binciken, kada wani ya je ya ce na hana ba yara kyauta. Ya shafi abin da yaro ke so tun asali, da kyautar da aka yi alkawarinta tun kafin a fara. Yaran da aka ba ba zato ba su ja baya ba. Kuma yaron da ba ya ƙaunar lissafi ko kaɗan, babu wani daɗin ciki da biskit zai kashe masa, wataƙila ma shi zai sa ya fara zama. Malamin da ya ɗauki yarinyarmu a matsayin mai ƙaimin ciki zai ƙyale ta, yana cewa ai tana so. Wanda ya gane inda take zai riƙa haɗa mata darasin da aikin jinya, ya nuna mata inda zagayawar jini ke shiga awon bugun zuciya, don nan ne igiyarta take.

A rayuwa ta gaske kuma mutum ɗaya kan haɗa biyun, yana son abin kuma yana son ladan. Tambayar jarabawa ce ke tsefe su, ta ba ka mutum mai dalili ɗaya a layi uku.

Na Rano dai shi ya biya kuɗin shayi, bisa yarjejeniya. Amma ya ce sai na Kibiya ya biya na burodi, tunda shi ma kuɗin da ya rantse ya gani ba su bayyana ba.

A shiri na gaba za mu ɗauko wata tambayar da ta fi wannan kayar da mutane, bambanci tsakanin horo da ɗauke wa yaro abin da ke damunsa don ya ƙara himma. Sai mun haɗu, a huta lafiya.