Da muguwar rawa gara ƙin tashi: ladabin ƙin karɓar tayin aiki

Ina ofishinmu da ke kan titin Ahmadu Bello a Doka, Kaduna, saƙo ya shigo mini ta LinkedIn. Wata baiwar Allah ce mai nemo wa kamfanoni ma'aikata, tana neman akanta da zai koma Legas. Albashin ya fi nawa, amma mahaifiyata na jinya, ba ni da halin barin gari.

Na taɓa yin kuskure a irin wannan. Kunya ta sa na ce wa wani dillalin aiki "zan yi tunani", alhali na san ba zan je ba. Ya miƙa sunana, aka sa ranar ganawa, sannan na janye. Bai sake nemana ba, kuma ban ga laifinsa ba. Da yawa daga cikinsu ba sa samun la'ada sai wanda suka kawo ya kama aiki. Kwanakin da na ɓata masa asara ce, ga jin kunya a gaban kamfanin da ya ba shi amana.

Saboda haka, wannan karon na amsa cikin kwana biyu. Na rubuta: "Hajiya, na gode da kika ga na cancanta. Ba zan iya karɓar wannan aikin ba, domin ba zan bar Kaduna a bana ba. Idan aka samu gurbin binciken kuɗi a Kaduna ko Zariya, ina so ki tuna da ni. Na amince ki ajiye takardar bayanaina."

Kowace jimla da aikinta. "Ba zan iya ba" ta sallame ta, ta nemi wani. Dalilin kuwa gaskiya ne a taƙaice; ban ambaci jinya ba, ban kuma kushe wurin aikina ba, domin magana zarar bunu ce. Da na yi ƙaryar cewa albashi ne ya yi kaɗan, da ta dawo da ƙari, na rasa abin faɗa. Ambaton irin aikin da garin shi ne ya nuna mata lokacin da ya dace ta sake kirana. Izinin ajiye takarda ma ba ado ba ne: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya amincewar mutum cikin hujjojin riƙe bayanansa.

Na ƙara abu guda. Na haɗa ta da wani abokin karatuna, amma sai da na tambaye shi tukuna. Iyaka ɗaya na kiyaye: da ta nemi in biya "kuɗin rajista" kafin a duba sunana, da ban ba ta ko lambar kowa ba.

Bayan wata takwas ta kira ni. Gurbi ne a nan Kaduna, kuma ta fara da cewa, "Malam, kai ka ce in tuna da kai."