Hoton takardar awon jini a waya: yadda ake gane lambar da ta fita daga iyaka

Da yawa daga cikin masu fitowa daga labo a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ba sa jiran su koma gaban likita kafin su nemi sanin abin da takardarsu ta ƙunsa. Tun daga bakin ƙofa ake ɗaukar hotonta da waya, a tura wa wani ɗan uwa da ya yi lakwal, ko a jefa ta zauren WhatsApp na dangi. Takardar da Faransanci take, cike da gajerun haruffa da lambobi, wasu layukan kuma da tauraro ko harafin H ko L a gefensu. Kafin magariba wani ya ce jinin ya ƙare, wani ya ce ciwon suga ne, mai takardar kuma ta kwana ba barci.

Alhali gane lambar da ta fita daga iyaka bai fi ƙarfin duk wanda ya iya karanta lamba ba. Abin da ke da wuya shi ne sanin ma'anar fitar, kuma nan ne masu fassarar waya suka fi yin ɓarna.

Misali ɗaya zai wadatar, irin wanda ma'aikatan labo ke gani kullum. Mace ce mai shekara 27, ba ta da ciki, tana shayar da ɗanta na uku, ta je likita saboda kasala da jiri in ta miƙe tsaye. An rubuta mata awon da ake kira NFS, wato ƙidayar ƙwayoyin jini, da awon suga. Ga abin da yayanta da ke Yamai ya gani a hoton da ta turo masa:

```
GB        6,8   10^3/µL   4,0 - 10,0
GR        4,10  10^6/µL   4,00 - 5,20
HGB       9,4   g/dL      12,0 - 16,0
HCT       30,1  %         37,0 - 47,0
VGM       73,4  fL        80 - 100
TCMH      22,9  pg        27 - 32
CCMH      31,2  g/dL      32 - 36
PLT       468   10^3/µL   150 - 400
Glycémie  0,98  g/L       0,70 - 1,10
```

Kowane layi abu huɗu ne ke cikinsa: sunan abin da aka auna, sakamakon mutum, ma'aunin da aka yi amfani da shi, sai lambobi biyu na ƙarshe, waɗanda takarda ke sa wa suna Valeurs de référence ko Valeurs normales. Su ne iyaka ta ƙasa da iyaka ta sama. Aikin mai karatu shi ne ya ɗauki sakamakon ya duba ko ya faɗa tsakaninsu, layi bayan layi, ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

GB su ne fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta. Nata 6,8 ne, yana tsakanin 4 da 10, don haka ba magana. GR, jajayen ƙwayoyin, 4,10 ne: yana kusa da iyakar ƙasa amma bai fita ba, kuma kusa da iyaka ba fita ba ne. Layi na uku ne ya fara fita. HGB, wanda wasu takardun ke rubutawa Hb, shi ne emoglobin, jan sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi ya kai ta ko'ina a jiki. Nata 9,4 ne, iyakar ƙasa kuwa 12. Layuka huɗu da ke biye da shi duk sun yi ƙasa su ma, wato HCT, VGM, TCMH da CCMH. PLT kuma, ƙwayoyin da ke daskarar da jini in an ji rauni, sun haura: 468, alhali iyakar sama 400 ce. Suga yana cikin iyaka.

Ke nan cikin layuka tara, shida sun fita, biyar ta ƙasa, ɗaya ta sama.

Layuka shida, labari ɗaya

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka cututtuka shida ne. Likita kuwa abu guda yake gani, domin waɗannan lambobin a ɗaure suke da juna. HCT yana faɗin kaso nawa cikin ɗari na jinin ne jajayen ƙwayoyi suka cike. VGM yana faɗin girman ƙwaya ɗaya, TCMH nauyin emoglobin da ke cikinta, CCMH kuma kaurinsa. Lissafi ne ma ya haɗa su: a raba 30,1 da 4,10 a ninka sau goma, sai a samu 73,4 ɗin da ke layin VGM. Saboda haka in ɗaya ya faɗi, da wuya sauran su tsaya.

Abin da takardar ke cewa a taƙaice shi ne matar tana da ƙarancin jini, kuma jajayen ƙwayoyinta, duk da yawansu bai ragu sosai ba, ƙanana ne, sun koɗe. Wannan siffa an fi ganinta idan jiki ya rasa sinadarin ƙarfe, wanda da shi ake gina emoglobin. Ga mace mai haihuwa kusa da kusa, ko mai zubar da jini da yawa lokacin al'ada, ko mai tsutsar ciki ko tsargiya, ba abin mamaki ba ne. Hatta hawan PLT yakan biyo bayan wannan rashi, ya kuma sauka da kansa in an magance shi.

Nisan fitar ma abin dubawa ne, kuma tauraron da injin ke bugawa ba ya bambancewa. CCMH ya gaza iyakarsa da 0,8 kawai. PLT na 468, a wani labo da ke sa iyakar sama a 450, da ƙyar zai ja hankali. Emoglobin ne mai nauyi. A ma'aunin hukumar lafiya ta duniya, OMS, macen da ba ta da ciki tana da ƙarancin jini in ya gaza 12, namiji in ya gaza 13. Daga 8 zuwa 10,9 matsakaici ne, ƙasa da 8 mai tsanani. Matar misalin tana cikin matsakaici: ba abin a kwasa a guje cikin dare ba ne in ba wata alama, ba kuma abin a ajiye takarda a ƙarƙashin katifa ba ne. Ta koma wurin wanda ya rubuta awon cikin kwanakin nan.

Akwai abin da takardar ba ta faɗa ba. Ba ta auna sinadarin ƙarfen kansa ba. Awon Ferritine ne ke yin wannan, shi ma yakan hau ya ɓoye rashin idan mutum na fama da zazzaɓi ko kumburi a jiki. Akwai kuma masu ƙananan ƙwayoyi ta hanyar gado, waɗanda maganin ƙarfe ba zai canza musu komai ba. NFS ba ya nuna ko mutum AA ne, AS ko SS. Mai son sanin matsayinsa game da amosanin jini, wato emasi, sai ya yi awon Électrophorèse de l'hémoglobine. Zazzaɓin cizon sauro ma awonsa daban, TDR ko Goutte épaisse. Wanda ya dubi hoto ya yanke cewa ga cutar, ga maganin, ya wuce abin da ke gabansa.

Inda hoto ke yaudara

Kuskuren da ya fi yawa na waƙafi ne. A rubutun Faransanci waƙafi ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, inda masu Ingilishi ke sa ɗigo. In hoton ya yi dishi-dishi, ko takardar ta lanƙwashe daidai wurin, 9,4 sai ya koma 94, 0,98 ya koma 98. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne waɗannan lambobin ma suna da ma'ana a wani ma'aunin. Wasu labo suna ba da emoglobin da g/L, inda 9,4 ke zama 94, iyakar kuma 120 zuwa 160. Sugan 0,98 g/L shi ne 98 mg/dL a ƙaramin injin da ake soka yatsa, shi ne kuma kimanin 5,4 mmol/L a takardun da ake zuwa da su daga Katsina ko Kano. Jini ɗaya, lambobi uku. Mutumin da ya saba jin cewa suga kada ya wuce 1,10, in ya ga 5,4 bai dubi ma'auni ba, zai rantse ƙanwarsa na bakin mutuwa. Shi ya sa ake gwada sakamako da iyakar da ke kan takardarsa, a layinsa, ba da wadda aka tuna ko aka gani a takardar maƙwabci ba.

Awon suga yana da wani sharaɗi: iyakar 0,70 zuwa 1,10 ta wanda bai ci komai ba ce tun dare, aƙalla awa takwas. In matar ta sha koko da suga kafin a ɗebi jinin, lambar ba ta gwaduwa da wannan iyaka.

Sai yankan hoto. Sau da yawa mai ɗauka yakan matso da waya don lambobi su fito, sai sahun dama ya fita daga hoton, iyakokin su tafi. Ko kuma saman takardar ya yanke, inda suna, shekaru, jinsi da ranar awo suke. Wannan saman ba ado ba ne. In an yi kuskure wajen shigar da bayani aka sa mace a matsayin namiji, injin zai buga mata iyakar maza, sai emoglobin 12,4 mai lafiya ya fito da tauraro. Mai ciki kuma jininta kan ƙara ruwa, don haka OMS ta sa iyakarta a 11 a watannin farko da na ƙarshe, 10,5 a na tsakiya, amma takardu da yawa iyakar sauran mata suke buga mata. Jarirai da ƙananan yara su ma nasu daban ne.

Ita kanta iyakar ba katanga ba ce tsakanin lafiya da ciwo. Yawanci ana samo ta ne ta hanyar auna mutane masu lafiya, a ɗauki tsakiyar da ta ƙunshi 95 cikin 100 nasu. Ma'ana, mutum ɗaya cikin ashirin, lafiyarsa lau, zai faɗo waje a kowane awo. In takarda na da layuka ashirin, samun tauraro ɗaya ko biyu da suka ɗan gota ba baƙon abu ba ne. Haka kuma takarda na iya fitowa ba tauraro ko ɗaya alhali mutum na ciwo.

Don haka yayan da ke Yamai, in zai amsa wa ƙanwarsa, abin da zai iya faɗa da gaskiya kaɗan ne, kuma ya isa. Fararen ƙwayoyi, yawan jajaye da suga suna cikin iyaka. Emoglobin da layuka huɗu da ke tare da shi sun yi ƙasa, PLT ya ɗan hau, kuma duka sun fi kama da ƙarancin jini guda ɗaya. Ta kai takardar kanta, ba hoto ba, ga likita ko majo na CSI. Ya kuma tambaye ta yadda take ji: in numfashi na yanke mata tana zaune, ko zuciya na bugawa da sauri, ko ta suma, ko jini na zuba, ko bayan gidanta ya yi baƙi alhali ba ta fara shan maganin ƙarfe ba, to ba a jira gobe.

In likita ya tabbatar rashin ƙarfe ne ya rubuta ƙwayoyi, akan sa ran emoglobin ya ƙaru da kimanin 2 cikin mako uku zuwa huɗu, a kuma ci gaba da sha wajen wata uku bayan ya daidaita don jiki ya sake tara ajiya. Shayi yana rage shigar ƙarfe cikin jiki, don haka ba a haɗa shi da maganin ko da abinci. Idan an sake awo, a ajiye tsohuwar takardar kusa da sabuwa: 10,8 har yanzu zai fito da tauraro, amma ga wadda ta taso daga 9,4, alama ce maganin na aiki.