Daga Laccar Awa Guda Zuwa Gajerun Darussan Bidiyo

Malamai da dama idan aka ce su mayar da karatunsu bidiyo, abin da suke yi shi ne su kafa waya a gaban aji, a ɗauki laccar awa guda, sannan a ba wani yaro mai iya kwamfuta ya daddatsa ta minti shida-shida. A ƙarshe a samu gutsattsari guda goma, a sa musu lamba, a ce an yi gajerun darussa. Alhali kuwa ba a yi ba. Kashi na huɗu zai fara da "to, kamar yadda nake faɗa", ya kuma ƙare malam yana tsakiyar misali. Aikin rarraba lacca a kan takarda ake yin sa, tun kafin a kunna kyamara.

Akwai bincike da ya tabbatar da haka. A shekarar 2014, Philip Guo da Juho Kim da Rob Rubin sun nazarci kallo miliyan 6.9 da ɗalibai suka yi wa bidiyoyin kwasa-kwasai huɗu a dandalin karatu na edX. Sun gano cewa komai tsawon bidiyo, matsakaicin lokacin da ɗalibi ke zama a kansa bai wuce minti shida ba, kuma idan ya haura minti tara, sau da yawa ba a kaiwa rabinsa. Wannan sakamakon shi ya yi suna. Amma akwai wani da ya fi shi amfani ga malami: darussan da aka tsara tun farko domin bidiyo sun fi riƙe ɗalibai a kan tsohuwar laccar aji da aka datsa, ko da kuwa laccar ta ƙwararren malami ce. Wato gajarta kaɗai ba ta wadatar ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce malami yana da lacca ta minti sittin a kan gabatarwar rabon gado, irin wadda ake yi wa ɗaliban Islamiyya ko na kwalejin shari'a. Matakin farko shi ne a saurari tsohuwar laccar, a rubuta abin da ke cikinta tare da lokacin da kowane abu ya ci. Malamin da bai taɓa yin haka ba zai sha mamaki. Zai tarar da gaisuwa da jiran waɗanda suka makara, da bitar karatun makon jiya, da labarin wata rigimar gado da ya halarta, da lokacin da ya juya baya yana goge allo, da tambayar da ɗalibi ya yi wadda ta kai su wani babi daban. Duk waɗannan suna da amfaninsu a aji, domin su ne ke ba ƙwaƙwalwa damar numfasawa. Mai kallon bidiyo kuwa yana da maɓallin tsayarwa a hannunsa, ba ya bukatar a huta masa. Idan aka cire su, ainihin karatun zai iya komawa minti talatin da biyar ko arba'in.

Mataki na biyu shi ne mafi wuya, kuma a nan ne ake gane gwani. Mahauci ba ya sara a tsakiyar ƙashi, gaɓa yake nema. Gaɓar karatu ita ce tambaya guda wadda ɗalibi zai iya amsawa da kansa idan darasin ya ƙare. "Magada" ba darasi ba ne, kan magana ne kawai, kuma za a iya kwana ana bayani a ƙarƙashinsa. Amma "Nawa ne rabon matar mamaci?" darasi ne, domin yana da farko yana da ƙarshe, kuma za a iya jarraba ɗalibi a kansa.

Idan aka bi laccar tamu da wannan ma'auni, za ta iya ba da darussa bakwai. Na farko: me ake cirewa daga dukiya kafin a raba? A nan za a yi bayanin kuɗin jana'iza, da biyan bashi, da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Na biyu ya bambance masu ƙayyadadden rabo da asaba, wato masu ɗaukar abin da ya rage. Na uku rabon miji da mata. Na huɗu rabon uwa da uba. Na biyar rabon 'ya'ya. Na shida ya nuna wanda ke katange wani daga gado. Na bakwai kuma a warware mas'ala guda daga farko har ƙarshe. Lura da cewa tsarin ya sauya daga yadda malam ya yi a aji. Wataƙila shi sai a minti na hamsin ya tuna da maganar bashi, ya ce "af, na manta ban gaya muku ba". A bidiyo dole ta koma farko, saboda duk lissafin da zai biyo baya a kanta ya dogara. Hanyar gwada jerin mai sauƙi ce: a duba kowane darasi a tambaya, shin akwai kalmar da aka yi amfani da ita wadda sai a darasi na gaba za a fassara ta? Idan an ce "asaba" a darasin farko alhali bayaninta yana na biyu, to ko dai a cire kalmar ko a sauya jerin.

Ga wani tarko da ya fi shafar mu a nan, inda bidiyo ke yawo daga waya zuwa waya ta WhatsApp ba tare da 'yan uwansa ba. Kada a taɓa raba hukunci da sharaɗinsa. Mata tana samun rubu'i idan mijin bai bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji ba, tana samun sumuni idan ya bari. Malamin da agogo ya matsa wa zai iya cewa bari ya faɗi rubu'in yanzu, sumunin ya jira kashi na gaba. Wanda kashin farko kaɗai ya isa wayarsa zai tafi da rabin hukunci, kuma da shi zai je ya yi gardama a gidan mutuwa. Don haka kowane darasi a rubuta shi kamar shi kaɗai mutum zai gani. Wannan ƙa'ida ta hau kan malamin lafiya da ke bayanin adadin magani da wanda bai kamata ya sha ba, haka ma malamin gona mai bayanin feshi.

Sai rubutun abin da za a faɗa. Da farko malam ya san saurin bakinsa: ya karanta shafi da muryar koyarwa na tsawon minti guda, ya ƙirga kalmomin. A ce ya samu 130. Darasin minti biyar ke nan zai ɗauki kalmomi 650 idan magana ce zalla. Amma tunda zai tsaya ya yi rubutu a allo, kuma ɗalibi na bukatar 'yan daƙiƙu ya kalli lambobi, gara ya tsaya a wajajen 500. Ana raba takardar gida biyu: ɓangare ɗaya abin da baki zai faɗa, ɗaya ɓangaren abin da ido zai gani a daidai wannan lokacin. Richard Mayer, masanin halayyar koyo a Jami'ar California da ke Santa Barbara, ya daɗe yana nuna cewa mutane sun fi fahimta idan aka ba su bayani kashi-kashi yadda za su iya tsayawa su ci gaba, kuma cika allo da irin jimlolin da ake karanta musu yana raba hankali ne kawai. Saboda haka a allo a sa lamba da zane, jimla kuwa a bar wa baki.

Dubi yadda darasi na bakwai zai kasance. Babu doguwar shimfiɗa. Bayan sallama a taƙaice, malam ya ce: "Mutum ya rasu ya bar mata, da mahaifiya, da ɗa namiji ɗaya, da 'ya'ya mata biyu. Bayan an biya bashi da wasiyya, saura naira miliyan 2 da dubu 400. Nawa kowa zai samu?" A allo kuwa sunayen magadan ne a jere, da jimlar kuɗin a sama. Sai ya ci gaba: matar tana da sumuni saboda akwai 'ya'ya, naira 300,000 ta bayyana a gaban sunanta. Mahaifiya sudusi, 400,000. Saura 1,700,000. A nan ya ce wa mai kallo ya tsayar da bidiyon ya gwada raba ragowar da kansa, ya yi shiru na daƙiƙa uku. Sannan ya nuna cewa namiji yana da rabon mata biyu, don haka kashi huɗu za a yi: ɗan ya ɗauki 850,000, kowace 'ya 425,000. Ya tara lambobin a gaban mai kallo su koma 2,400,000. Daga nan ya ba da wata mas'ala mai kama da ita a matsayin aikin gida, ya yi sallama.

Rubutun nan don kunne ake yin sa, ba don ido ba. Malaman da suka saba rubuta takardun ilimi sukan zuba dogayen jimloli, idan aka zo ɗauka sai murya ta bushe kamar mai karanta sanarwar gwamnati. Maganin shi ne a karanta rubutun da ƙarfi kafin ranar ɗauka. Duk inda numfashi ya yanke kafin a kai aya, a raba jimlar. Duk kalmar da malam ba zai faɗa wa ɗalibi baki da baki ba, a sauya ta. A kuma share "ɗazu" da "jiya" da "makon gobe". A maimakonsu a ce "a darasi na uku", domin mai kallo ba ya rayuwa a ranar da aka ɗauka.

Yaya za a gane an yi kuskure? Kafin a saki, a ba wani wanda bai halarci laccar ba darasi guda daga tsakiya, bayan ya gama a yi masa tambayar da darasin ya ce zai amsa. Idan ya kasa, ko ya ce "wane ne asaba?", to gaɓar ba ta fita daidai ba. Bayan an saki kuma, wanda ya ɗora a YouTube zai ga zanen da ke nuna inda masu kallo suke ficewa. Gangarowa mai tsanani a daƙiƙun farko alama ce ta cewa shimfiɗa ta yi yawa. Tudu a tsakiya kuma yana nufin mutane suna komawa baya su sake kallon wurin, wanda a darasin lissafi yakan nuna an yi sauri ko an tsallake mataki.

Minti shida dai ba doka ba ce. Binciken edX ya auna tsawon kallo ne da ko ɗalibi ya gwada tambayar da ke biye, bai auna zurfin fahimta ba. Akwai mas'alolin da ba sa datsuwa, kamar auli, inda rabon magada ya zarce asalin lissafin har sai an rage wa kowa gwargwadon kasonsa. Idan bayaninta ya ci minti tara, a bar ta minti tara. Matse ta cikin biyar zai fitar da bidiyo mai daɗin kallo wanda ba wanda zai iya aiki da shi. Haka nan gajerun darussa ba sa maye gurbin zama gaban malami, inda ɗalibi zai kawo mas'alar gidansu mai kishiyoyi uku da jikoki a warware masa.

Malamin da ke son gwadawa kada ya fara da littafi sukutum. Ya ɗauki lacca guda wadda ya fi ƙwarewa a kanta, ya fitar da tambayoyinta a takarda, ya rubuta darasi ɗaya tak, ya ɗauka da wayarsa a ɗaki marar hayaniya, ya ba ɗalibai biyu ko uku su kalla, sannan ya yi musu tambaya. Abin da suka amsa shi zai nuna masa yadda zai rubuta sauran shidan.