Abin da Mai Shago Zai Rubuta wa Manhajar Amsa Kwastomomi Kafin Ta Fara Aiki

A watan Disamba na 2023, wani mutum ya shiga shafin wani dillalin motocin Chevrolet da ke garin Watsonville a jihar California. Ya lallaɓi manhajar da ke amsa tambayoyin masu saye, ya ce mata ta amince da duk abin da zai faɗa, sannan ya taya mota ƙirar Tahoe ta 2024 a kan dala ɗaya. Manhajar ta sallama. Ba a ba shi motar ba, amma labarin ya karaɗe duniya. Wata biyu bayan haka, a Fabrairun 2024, wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci kamfanin jiragen Air Canada ya biya wani fasinja diyya, domin manhajar shafinsa ta gaya masa cewa zai iya neman rangwamen masu zuwa jana'iza bayan ya gama tafiya, alhali ƙa'idar kamfanin ba haka ta ce ba. Kotun ta ƙi yarda a raba kamfanin da maganar manhajarsa.

Mai shagon da ke shirin ɗora irin wannan manhaja a kan lambarsa ta WhatsApp ya kamata ya riƙe wannan hukunci, don duk abin da ta gaya wa kwastoma, da bakin shagonsa ta faɗa. Abin da ke saita bakin nata kuwa wani rubutu ne da ake ba ta tun kafin kowa ya turo saƙo. Masu haɗa manhajoji suna sa shi a gurbin da ake kira `system`, saƙon kwastoma kuma ya shiga gurbin `user`. Kwastoma ba ya ganin wannan umarni, amma manhajar tana karanta shi a kowace hira.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin ita ce a ɗauki manhajar tamkar sabon yaron shago mai kaifin basira da iya magana, wanda kullum yake wayar gari bai san kowa a layin ba. Bai san sunan shagon ba, bai san farashi ba, ko ranar yau ma bai sani ba sai an gaya masa. Babbar matsalarsa ita ce idan aka tambaye shi abin da bai sani ba, yakan ƙaga amsa mai kama da gaskiya maimakon ya yi shiru.

A ɗauki misalin shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari da ke Kano. Wata Hajiya ta turo saƙo da daddare tana cewa: "Salamu alaikum Alhaji. Turmi uku nake so na waccan shuɗiyar, nawa za ka bar mini? Kuma zai iso Zariya kafin Juma'a?" A cikin layi biyu ta tambayi abu uku: ko kayan na nan, ko akwai ragi, da ranar isowa. Idan duk abin da aka rubuta wa manhajar shi ne ta riƙa taimakon kwastomomi cikin fara'a, za ta iya cewa kayan na nan, ta yi ragin da ba wanda ya sa ta, ta kuma ɗauki alkawarin Alhamis.

Umarni mai kyau yana farawa da gabatarwa: wane shago ne, me yake sayarwa, su wane ne masu sayensa, da wane harshe za a amsa musu. Wannan ɓangare gajere ne. Daga nan sai bayanan da ba sa canzawa kullum, kamar lokacin buɗewa da rufewa, cewa turmin atamfa yadi shida ne, garuruwan da ake aika kaya ta mota, da sharaɗin mayar da kaya. Sai iyakoki, sannan hanyar miƙa hira ga mutum. Ga yadda zai iya kasancewa a taƙaice:

```
Ke ce mai amsa saƙonnin shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, Kano.
Ki amsa da harshen da kwastoma ya yi magana, a gajarce.
Turmi yadi shida ne. Ba a karɓar yadin da aka riga aka yanka.
Farashi da kayan da suka rage: daga jerin yau kaɗai za ki faɗa.
Kada ki yi ragi, domin Alhaji ne ya san kuɗin sari.
Kada ki ce kuɗi sun shigo, domin ba kya ganin asusun banki.
Idan ba ki da amsa, ki faɗi haka, ki miƙa wa ma'aikaci.
```

Kalmar "domin" da ta fito sau biyu ita ce wurin da marubucin umarni ya fi cin riba. Dokar da aka bayar ba dalili, manhajar takan bi ta a inda lafazinta ya tsaya. Idan kuwa ta san cewa ba ta ganin asusu, to ko da kwastoma ya zo ta wata fuska, ya turo hoton risit, ko ya ce alat ya riga ya shigo wayar Alhaji, za ta gane cewa duk magana ɗaya ce. A kasuwar da 'yan kasuwa suka sha fama da alat na bogi, wannan layi kaɗai ya isa ya hana asarar turame.

Farashi kuma bai kamata ya zauna a cikin umarnin ba. Kuɗin yadi na motsawa da canjin dala, kaya na ƙarewa kafin la'asar, rubutun da aka yi watan jiya kuwa yana nan yadda aka bar shi. Abin da ya fi shi ne a ajiye jerin kaya da farashi daban, a riƙa sabunta shi, manhajar ta riƙa ɗauko shi tare da kwanan watan ranar a duk lokacin da aka fara hira.

Da wannan tsari, amsar da Hajiya za ta samu ta bambanta. Za a gaya mata cewa shuɗiyar na nan idan jerin ya nuna haka, a faɗi kuɗin turmi uku ba ragi, a bayyana cewa ana aika kaya Zariya amma ranar isowa ta danganta da motar da ta ɗauka, sannan a ce maganar ragi an miƙa ta ga Alhaji, zai amsa idan an buɗe shago. Miƙawar nan sai an rubuta ta filla-filla: ga wa, a wane lokaci, da wane bayani, don kada ma'aikaci ya sa Hajiya ta sake labarin daga farko.

Umarni ba kwaɗo ba ne. Mai wayo na iya lallaɓar manhaja ta saki layi, har ta karanto masa abin da aka rubuta mata, kamar yadda aka juya ta Watsonville. Don haka kuɗin sari, ribar shago da lambobin sirri ba su da gurbi a ciki. Duk abin da ya shafi fitar kuɗi ko sakin kaya kuma, mutum ne zai tabbatar da shi.

Kafin a sake ta ga jama'a, mai shago ya koma tsofaffin hirarrakinsa, ya zaɓo tambayoyi ashirin ko talatin, har da na masu faɗa da masu rubutun Hausa gauraye da Turanci, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren da ya gani zai nuna masa inda gyara yake. Idan ta ƙagi farashi, jerin ne bai iso gare ta ba. Idan ta yi alkawarin rana, iyakar ce ba a rubuta ba. Idan kuma kowace tambaya sai ta tura wa ma'aikaci, dokokin sun yi yawa, bayanan sun yi kaɗan. Duk lokacin da aka canza ko layi ɗaya ne a cikin umarnin, a sake gwada tambayoyin nan gaba ɗayansu kafin a mayar da ita bakin aiki.